Lambar Haja ta SKU da Yadda Ake Tsara Ta a Ƙaramin Shago: Misali daga Shagon Kayan Masarufi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ake nufi da SKU, wato lambar da mai shago ke bai wa kowane nau'in hajar da yake ajiyewa domin ƙirga da lissafi. Ta bambanta ta da lambar zanen da kamfanoni ke bugawa a jikin kaya, sannan ta ɗauki shagon kayan masarufi mai 'yan ɗaruruwan nau'o'in kaya ta nuna yadda za a tsara masa lambobi. Matsayar maƙalar ita ce, lambar da ta dace da ƙaramin shago gajeriya ce, ba ta ɗauke da wani bayani da zai iya canjawa, kuma babban aikin yana wajen yanke shawarar abin da za a ƙirga a matsayin haja ɗaya, musamman kayan da ake sarowa a katan ko buhu a sayar da su ɗai-ɗai.

1.0 Gabatarwa

Mai shagon da ke zaune a shagonsa daga safe zuwa dare yakan riƙe lissafin kayansa a ka, kuma sau da yawa hakan na wadatar da shi. Matsala tana farawa ne ranar da ya ɗauki yaron shago, ko ya buɗe sito a bayan gida, ko ya sayi manhajar lissafi ya sa a waya. A littafin ciniki yaro ya rubuta "madara 2". Wace madara? Ta gari ko ta ruwa, ta gwangwani ko ta leda, ta wane kamfani, kuma biyun nan ƙwaya biyu ce ko rol biyu? Maigida da yaronsa sun san amsar a ranar, amma bayan mako uku babu wanda zai iya rantsuwa a kai. Idan aka zo ƙirga kaya a ƙarshen wata aka ga giɓi, ba a san ko sata aka yi ko rubutu ne ya ruɗe ba, kuma yawanci zargin kan yaro yake faɗawa.

A yawancin manhajojin lissafin shago, mutum zai ga wani gurbi da aka rubuta wa `SKU`. Da yawa sukan bar shi fayau, wasu kuma su bar manhaja ta cika shi da lambobin da ba wanda ya san kansu. Wannan gurbi shi ne abin da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Mene ne SKU?

SKU shi ne mafi ƙanƙantar rabon haja da mai shago yake son sanin adadinsa shi kaɗai, ba tare da an gauraya shi da wani ba. Lambar da aka liƙa wa wannan rabo ita ma da sunan ake kiran ta. Hanyar gane ko abubuwa biyu lamba ɗaya za su ci ko biyu ba ta da wuya: idan mai saye ya nemi wannan aka miƙa masa wancan, zai karɓa ya biya kuɗi ɗaya ba tare da ƙorafi ba? Idan zai karɓa, haja ɗaya ce. Idan zai ce ba ita ya nema ba, ko farashin ya bambanta, to haja biyu ce. Taliya mai giram 500 ta kamfani kaza da mai giram 500 ta wani kamfani haja biyu ce. Sabulu iri ɗaya, babba da ƙarami, haja biyu ce. Katan biyu na sabulun nan, ɗaya an saro shi a Kasuwar Singa ɗaya kuma motar kamfani ce ta kawo shi ƙofar shago, haja ɗaya ce, ko da kuɗin sarin ya bambanta.

Akwai bukatar a raba wannan lamba da lambar zanen nan mai layuka baƙi da fari da ke jikin kwali. Waccan ta kamfanin da ya yi kayan ce, kuma ƙungiyar GS1 ce ke kula da rabon ta a duniya. An fara karanta irin ta da na'ura a wani kanti da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka ranar 26 ga Yuni, 1974, a jikin ƙunshin cingam. Wadda aka fi gani a kasuwanninmu ita ce `EAN-13` mai alƙaluma 13, kuma kamfanin da ya yi rajista da ofishin GS1 na Nijeriya lambarsa takan fara da `615`. Wannan farkon lamba yana nuna inda aka yi rajista ne kawai, ba lallai ƙasar da aka ƙera kayan ba, duk da mutane da yawa sun ɗauka haka.

Me zai hana mai shago ya yi amfani da lambar kamfanin ya huta? Dalili na farko shi ne da yawa daga cikin abin da ke shagon kayan masarufi ba su da ita: shinkafar awo, garin rogo, man gyaɗa na kwalba, ƙwai, burodin gidan burodi na unguwa. Na biyu, alƙaluma 13 sun yi wa hannu yawa a littafin ciniki yayin da mutum huɗu ke tsaye suna jira. Na uku, kamfani na iya sauya lambarsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Abin da ya dace shi ne a ajiye lambar kamfani a wani gurbi na daban kusa da lambar shago, don amfanin ranar da aka sayi na'urar karanta zane. Haka ma lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, kowannensu da nasa aikin, ba sa maye gurbin lambar shago.

3.0 Lamba mai magana da lamba mai shiru

Wanda ya fara tsara lambobi yakan so lambar ta faɗi komai. Sai ya rubuta wani abu kamar haka domin madarar gari ta gwangwani mai giram 400 da ke kanta ta uku:

```
MDR-GARI-GWN-400-K3
```

A ranar farko abin yana da kyau, domin ko baƙo ya karanta zai gane. Amma kowane yanki da aka ƙara alƙawari ne cewa abin ba zai canja ba, kuma kasuwa ba ta cika irin wannan alƙawari. Za a gyara shago a mayar da madara kanta ta ɗaya, sai `K3` ta zama ƙarya. Za a kawo kayan da ba su da giram, kamar tsintsiya ko ashana, sai gurbin ya rasa abin sawa. Idan aka ƙara haruffan sunan kamfani, kamfanoni biyu za su zo da haruffan farko iri ɗaya. Sannan yaron da aka ce ya rubuta wannan doguwar lamba sau hamsin a yini zai gaji ya koma rubuta "madara 2", kuma ban ga laifinsa ba.

A ɗaya ɓangaren akwai lamba mai shiru, jerin alƙaluma kawai: 1, 2, 3, har zuwa 400. Manyan kantuna masu na'ura suna iya rayuwa da ita, domin kwamfuta ce ke tunawa. A shagon da ake rubutu da biro, idan aka rubuta 213 a madadin 231 babu abin da zai ja hankalin mai duba littafi, sai kawai lissafin sukari ya shiga na batir.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne a bi tsakiya, amma a fi karkata ga shiru: haruffa biyu na rukuni, sai alƙaluma uku na jeri, a fara daga 101. Sauran bayani duk ya koma gurbin suna, inda za a iya gyara shi ba tare da an taɓa lamba ba.

```
MD101  Madarar gari, gwangwani, 400g
MD102  Madarar gari, leda karama
TL101  Taliya, 500g
SW101  Sabulun wanka, babba
SK101  Sabulun wanki, sanda
```

A ainihin littafin shago za a ƙara sunan kamfani a cikin sunan kowace haja. Daga 101 zuwa 999 akwai gurbi 899 a kowane rukuni, wanda ya fi ƙarfin bukatar kowane ƙaramin shago. Rukunai kuwa kada su yi yawa. Goma zuwa goma sha biyar sun isa, kuma gara a bi yadda kayan suke jere a shago da yadda ake kiran su a baki. Idan haja ta ƙi shiga kowane rukuni sosai, kamar madarar da aka haɗa da koko, a jefa ta duk inda aka ga dama a bar ta can. Aikin haruffan shi ne su taimaka wa ido ya kama kuskure, ba su warware gardamar ko wannan madara ce ko kayan shayi ba.

Wasu sukan keɓe wa kowane kamfani gurbi goma, misali 110 zuwa 119 na wannan, 120 zuwa 129 na wancan. Ban goyi bayan haka ba. Ranar da kamfanin ya fito da nau'i na goma sha ɗaya tsarin ya karye. Sabuwar haja ta ɗauki lamba ta gaba kawai.

4.0 Haruffan da ke jawo rikici

Akwai dalilin da ya sa aka ce a fara da harafi, kuma a fara jeri daga 101. Idan aka rubuta `007` a manhajar Excel, za ta ɗauke shi adadi ta mayar da shi `7`. Idan aka rubuta `12E3` za ta fahimce shi a matsayin 12,000. Lambar da ta yi kama da kwanan wata, kamar `3-5`, ko `JAN-12` da wani zai iya bai wa kayan janareta, za ta iya komawa kwanan wata ba tare da gargaɗi ba. Wannan ba matsalar 'yan tireda kaɗai ba ce: a shekarar 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya sauya sunaye irin su `MARCH1` zuwa `MARCHF1` saboda manhajar tana mayar da su ranar ɗaya ga Maris. Tsarin haruffa biyu da alƙaluma uku, ba tazara ba karan tsakiya, ya tsallake waɗannan ramuka gaba ɗaya.

A guji haruffan `O` da `I`, domin a rubutun hannu ba a raba su da sifili da ɗaya. Ga mu masu rubuta Hausa akwai ƙarin abu guda: kada a sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a cikin lamba. Ba kowace waya ke da su ba, don haka wani zai buga ƙ wani ya buga k, manhaja kuma ta ƙirga su haja biyu. Bugu da ƙari, tsarin zanen `Code 39` da ƙananan shaguna ke iya buga lambobinsu da shi yana karɓar manyan haruffan `A` zuwa `Z` ne da alƙaluma da 'yan alamomi kaɗan. Ƙwai sai ya zama `KW`, ba laifi. Idan wayar shago ba ta da haruffan, har a gurbin suna gara a daidaita a kan rubutu ɗaya, shi ya sa aka ga "karama" a misalin da ya gabata.

Ana iya kama lambar da aka maimaita da wannan ƙa'ida, idan lambobin suna layin `A`:

```
=COUNTIF(A:A,A2)>1
```

Duk inda ta nuna `TRUE`, haja biyu sun ci lamba ɗaya.

5.0 Katan da ƙwaya: inda lissafi ya fi lalacewa

Nan ne zuciyar al'amarin. Ƙaramin shago yana saro kaya a katan, ya sayar wa mai shayi katan guda, ya sayar wa uwargida leda biyu. Shin katan ɗin taliya da ledar taliya lamba ɗaya ce ko biyu?

Bari mu bi misali. A ce katan yana ɗauke da leda 20. Ranar Asabar shago yana da katan 3 da leda 7. A cikin mako aka saro katan 5, aka sayar da katan 2 a rufe da kuma leda 46 ɗai-ɗai. Ranar Juma'a da yamma aka ƙirga aka sami katan 3 a rufe da leda 18 a kanta.

Idan an bai wa katan lambarsa, leda ma tata, littafi zai ce katan ya rage 6, wato 3 a tara da 5 a cire 2. Leda kuma zai ce 7 a cire 46, wato bashin 39. Maigida zai duba sito ya ga katan 3 maimakon 6, hankalinsa ya tashi, alhali abin da ya faru shi ne an farke katan uku an jera a kanta ba a rubuta ba. Alamar wannan ciwo ke nan a kowane shago: wata haja tana nuna adadi ƙasa da sifili, 'yar'uwarta kuma tana nuna fiye da abin da ke ƙasa. Abin da ya fi muni shi ne, a cikin wannan hayaniya ainihin asarar takan ɓace.

Yanzu a sake lissafin da lamba ɗaya, `TL101`, ana ƙirga komai da leda. An fara da 67. An ƙaro 100, ya zama 167. An sayar da katan 2, wato 40, da leda 46, jimla 86. Ya kamata a sami 81. Abin da aka ƙirga, katan 3 da leda 18, ya kama 78. Giɓin leda 3 ne kacal, kuma yanzu ana iya tambayar inda suka shiga: ko sun fashe, ko an ba da bashi ba a rubuta ba, ko an ɗauka an kai gida. Tambaya ce da za a iya yi wa yaro cikin mutunci, ba kamar ta katan uku ba.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, duk hajar da adadin da ke cikin katan ɗinta tsayayye ne, a ba ta lamba ɗaya, a ƙirga ta da mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa, a rubuta adadin da ke katan a gefen sunanta. Farashin katan da na ƙwaya su zauna a gurabe biyu ƙarƙashin lambar nan. Haka za a yi wa madarar leda da ke zuwa a rol, da ashana da ke zuwa a dozin. Idan manhajar da aka saya ba ta iya haɗa katan da ƙwaya a lamba ɗaya ba, dole a yi lamba biyu, amma sai a mayar da farke katan wani abin rubutawa: duk lokacin da aka yanke salatif, a cire ɗaya daga lambar katan a ƙara 20 a ta leda nan take.

Kayan awo nasu ya sha bamban. Buhun shinkafa mai kilo 50 ba ya ba da adadin kwano ɗaya kullum, domin ya danganta da girman kwanon, da yadda ake tozo, da hannun mai awon, da abin da ya zube a ƙasa. A nan lamba biyu ta fi: `HT101` ga buhu a ɗinke, `HT102` ga shinkafar awo. Ranar da aka farke buhu a cire ɗaya daga ta farko. Adadin da za a ƙara a ta biyu kuwa, mai shago ya aune buhu biyu ko uku da kwanonsa, da hannun wanda ke yi masa awo, ya ga abin da suke bayarwa. A ce ya sami kwano 19 da rabi a kai a kai, to shi ne ma'auninsa, ba abin da ake faɗa a kasuwa ba. Idan daga baya buhu ya riƙa ƙarewa a kwano 18, ko dai buhun ne ake rage masa tun daga wurin sari, ko tozon ya yi yawa. Haka jarkar man gyaɗa da ake ɗurawa a kwalabe.

6.0 Yaushe ake sabuwar lamba?

Tashin farashi ba ya kawo sabuwar lamba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ba a sa kuɗi a cikinta. Wanda ya sa wa sabulu lambar da ta ƙare da 200 don yana sayar da shi naira 200 ya san yadda ta ƙare da shi a 'yan shekarun nan. Canjin ɗan sari ma ba ya kawo ta, haka sabon zanen kwali. Amma idan kamfani ya rage giram ya bar kwalin yadda yake, ko ya sauya adadin da ke katan, to wannan sabuwar haja ce, domin tsohuwar da sabuwar za su zauna tare a kanta na wani lokaci.

Hajar da aka daina kawowa, lambarta ta mutu tare da ita. A ja mata layi a bar ta a littafi. Idan aka bai wa wata sabuwar haja `MD102` bayan shekara, duk tsohon lissafin bashi da ciniki da ke ɗauke da wannan lamba ya gurɓata, kuma ba a rasa lambobi ba balle a ce dole ce ta sa. Mutum ɗaya ne kuma ya kamata ya riƙa ƙirƙirar lamba, daga littafi ɗaya. Idan maigida da ƙanensa kowa na yi, ba za a daɗe ba sabulu ɗaya zai sami lamba biyu.

7.0 Iyakar tsarin

Wannan tsari an yi shi ne domin kayan da ake sake sarowa iri ɗaya. Mai sayar da takalma zai ga samfuri ɗaya mai launi 3 da lamba 6 ya haifar masa da haja 18, kuma a wurinsa ƙara lambar ƙafa a ƙarshe yana da hujja, domin girman takalmi ba ya canjawa. Mai atamfa a Kantin Kwari, wanda zanen kayansa ke sauyawa da kowane kaya da ya sauka, zai wahalar da kansa idan ya ce kowane zane sai ya ci lamba. Ya fi masa sauƙi ya bi kamfani da daraja. Mai kemis kuma lamba kaɗai ba ta ishe shi ba, sai ya haɗa da lambar zubin magani da ranar lalacewarsa a gurabe na daban.

Haka nan lambar ba ta ƙirga kaya da kanta. Idan ba a liƙa ta a bakin kanta inda hajar take ba, kuma ba a rubuta ta a kowane sari da kowane ciniki ba, ta tsaya a takarda. Ga masu horar da ƙananan 'yan kasuwa, roƙona shi ne kada ku sa mai shago ya sa wa kayansa duka lamba a dare ɗaya. Ku sa ya fara da nau'i ashirin da suka fi tafiya kuma suka fi cin jari, ya ƙirga su duk mako har wata guda, sannan ya ƙara wani rukuni.